Ƙirga Ƙwayoyi a Wasan Domino na Toshiya

Cikakken kayan domino da aka fi wasa da shi a duniya ƙwaya 28 ne. Kowace ƙwaya an raba fuskarta gida biyu, kowane gida yana ɗauke da ɗigo daga babu har zuwa shida. Akwai mai babu da babu, akwai mai shida da shida, duk wani haɗi da ke tsakaninsu kuma ya zo sau ɗaya tak, babu ƙwaya biyu masu kama ɗaya. Idan aka tara ɗigon da ke kan ƙwayoyin duka, za a samu 168. Wannan siffa ta domino ta bayyana a Italiya a ƙarni na 18, daga can ta bazu, har ta zama wasan dandali a tsibiran Karebiyan da ƙasashen Latin Amurka, da kuma wuraren shan shayi na Masar da Sudan, inda mutanen Sudan ke ce mata dumna.

Hanyoyin buga ta suna da yawa. Wadda ake magana a kai a nan ita ce ta toshiya, wato wadda ba a ɗibar ƙarin ƙwaya bayan an raba. Ana kife ƙwayoyin a gauraya, kowa ya ɗauki bakwai. Idan mutum biyu ne, 14 za su rage a gefe a kife har a tashi, ba mai taɓa su. Idan mutum huɗu ne, bibbiyu suna haɗa kai, to duka 28 sun shiga hannu. Wani ya fara sa ƙwaya, na gaba ya jona tasa a ɗaya daga bakunan layin biyu, muddin ɗigonta ya yi daidai da na bakin. Wanda bai da abin sawa sai ya ƙwanƙwasa tebur, a wuce shi. Zagaye yana ƙarewa idan wani ya zubar da hannunsa kaf, ko kuma idan layin ya toshe kowa ya rasa abin sawa, sai a ƙirga ɗigon da ya rage a hannu, mai ƙarancin ɗigo ya ci.

Rashin ɗiban nan shi ne ginshiƙin duk dabarar ƙirga. Hannun abokin karawa raguwa kawai yake yi, ba ya samun baƙuwar ƙwaya. Don haka duk abin da aka tabbatar ba ya hannunsa a farkon zagaye, ba zai taɓa kasancewa a hannunsa ba har ƙarshe. A ɗaya wasan da ake ɗiba daga tari, ƙwaya ɗaya da mutum ya ɗauko tana iya rusa duk lissafin da aka yi a kansa. A na toshiya kuwa, abin da aka sani ya zauna ke nan.

Dangi bakwai, kowanne ’ya’ya bakwai

Mai ƙirga ba ya haddace ƙwaya 28 ɗaya bayan ɗaya. Yana kallonsu ne dangi-dangi. Dangin biyar, alal misali, su ne duk ƙwayoyin da biyar ta fito a jikinsu: 5-0, 5-1, 5-2, 5-3, 5-4, 5-5 da 5-6. Bakwai ne, haka ma kowane dangi. Sababbin hannu sukan yi tuntuɓe a nan, domin lambar biyar ta bayyana sau takwas a cikin kayan, tunda tagwayen 5-5 na ɗauke da ita sau biyu. Ƙwayoyi ake ƙirgawa, kuma tagwaye ƙwaya ɗaya ce. Wanda ya ƙirga fuskoki ya ɗauki tagwaye a matsayin biyu zai yi zaton dangi ya ƙare alhali saura ɗaya, kuma sau da yawa wannan ɗayar ce ke cin sa.

Kowace ƙwaya tana ɗaya daga wurare uku: a hannun mai ƙirga, a kan tebur, ko a ɓoye. Na farko da na biyu ido yana ganinsu, ba sai an wahalar da ƙwaƙwalwa ba. Aikin shi ne a cire abin da ake gani daga bakwai, abin da ya rage shi ne a ɓoye. Mai ƙwaya uku na dangin biyar a hannu, ga biyu a tebur, ya san saura biyu, kuma idan ya bi jerin daga babu zuwa shida zai faɗi sunansu. Sanin sunan ya fi sanin yawan amfani. Idan wadda ta rage 5-6 ce, to ba ta bakin biyar kaɗai za ta iya fitowa ba, bakin shida ma zai ba ta hanya.

Abin da tebur ba ya ajiyewa shi ne wanda ya ƙwanƙwasa, da lambobin da ke bakunan a lokacin. Wannan kam sai an riƙe a ka, kuma shi ne mafi daraja a duk abin da wasan ke bayarwa. Mutumin da aka wuce shi alhali bakuna suna nuna huɗu da shida ya shaida a gaban kowa cewa ƙwaya 13 ba sa hannunsa: bakwai na dangin huɗu, bakwai na dangin shida, a cire ɗaya saboda 4-6 tana cikin dangin biyu. Ƙwanƙwasa ɗaya ta share kusan rabin kayan. Ɗan wasan da bai iya riƙe komai ba sai wannan, ya riga ya fi yawancin masu bugawa a dandali.

Wasan mutum biyu, daga farko zuwa toshewa

A wasan mutum biyu, ɓoyayyun ƙwayoyi sun kasu tsakanin hannun abokin karawa da tarin gefe. Da an raba, 21 ne mai ƙirga bai gani ba, bakwai daga ciki suna hannun ɗan’uwansa. Ke nan kowace ɓoyayyar ƙwaya, damar kasancewarta a hannun abokin karawa ɗaya ce cikin uku. Tarin gefe ba ya raguwa, hannun abokin karawa kuwa yana raguwa, saboda haka damar tana ƙara sauka yayin da wasa ke tafiya. Mai jin tsoron kowace ƙwayar da bai gani ba yana tsoron abin da mafi yawansa yake kife a gefe.

A ɗauka mai ƙirga ya ɗebi 5-5, 5-3, 5-2, 5-1, 3-1, 3-0 da 6-4. Yana da huɗu daga dangin biyar, fiye da rabi, nan ƙarfinsa yake. Abokin karawa ya buɗe da 6-6. Mai ƙirga bai da zaɓi, ya sa 6-4, bakuna suka zama shida da huɗu. Abokin karawa ya rufe huɗun da 4-3. Yanzu mai ƙirga yana da ƙwaya uku masu shiga bakin uku, sai ya zaɓi 5-3 don ya fito da biyar. Abokin karawa bai taɓa biyar ɗin ba, ya sa 6-1 a ɗaya bakin. Bakuna suka koma ɗaya da biyar.

A nan ne ƙirga ta fara aiki. Ƙwayar 5-1 tana shiga ta kowane baki: idan aka sa ta a kan ɗaya, bakunan biyu za su zama biyar da biyar, idan aka sa ta a kan biyar, za su zama ɗaya da ɗaya. Dangin biyar, huɗu an san inda suke, saura 5-0, 5-4 da 5-6. Dangin ɗaya kuwa uku kaɗai aka gani, wato 6-1, 5-1 da 3-1, saura huɗu a ɓoye. Ga shi kuma bayan wannan sawa mai ƙirga zai rage da biyar guda biyu a hannu, ɗaya kuwa guda ɗaya tak. Sai ya mai da bakunan biyar da biyar.

Abokin karawa yana riƙe da ƙwaya huɗu daga cikin 18 da ke ɓoye, uku kaɗai daga cikinsu ke da biyar. Idan aka lissafa, damar a ce bai da ko ɗaya ta kai kusan kashi 45 cikin 100. Ba tabbas ba ne, amma ko da yana da ita, mai ƙirga bai yi asara ba, domin ɗaya bakin zai ci gaba da zama biyar, shi kuma yana da abin sawa. A wannan zagayen abokin karawa ya ƙwanƙwasa.

Daga nan an tashi daga zato an shiga sani. Ƙwayoyin 5-0, 5-4 da 5-6 suna kife a gefe, ba za su fito ba. Duk biyar ɗin da ta rage a wasa tana hannun mai ƙirga. Ya sa 5-5 tukuna, domin tagwaye ba sa canza baki: ya sauke ɗigo goma, abokin karawa ya sake ƙwanƙwasawa. Da ya yi gaggawar sa 5-2 ya bar tagwayen, da ya buɗe wa ɗan’uwansa ƙofa tun kafin lokaci. Bayan tagwayen dole ya sa 5-2, tunda doka ba ta yarda mai abin sawa ya ƙi sawa ba. Bakuna suka zama biyu da biyar, bakin biyar ɗin kuma ya mutu, ba wanda zai sake jona masa komai. Wasan ya koma baki ɗaya.

Abokin karawa ya sa 2-3. Mai ƙirga yana da 3-1 da 3-0, dukansu suna shiga. Wanda ba ya ƙirga zai ga duk ɗaya ne. Mai ƙirga kuwa zai iya jera ƙwayoyin da ka iya zama a hannun ɗan’uwansa, su 14 ne, shi kuma yana riƙe da uku. Masu ɗaya a ciki huɗu ne: 1-0, 1-1, 1-2 da 1-4. Masu babu biyar ne: 0-0, 0-1, 0-2, 0-4 da 0-6. Idan aka bar masa bakin ɗaya, damar ya rasa abin sawa kusan ɗaya ce cikin uku. Idan bakin babu ne, ba ta kai ɗaya cikin huɗu ba. Akwai kuma tambaya ta biyu da ba a tsallake ta: idan layin ya toshe, wa zai ci? Bayan sa 3-1, mai ƙirga zai rage da ɗigo uku. Ƙwaya uku mafi sauƙi da abokin karawa zai iya riƙewa ba tare da ɗaya ko biyar ba su ne 0-0, 0-2, da wata mai ɗigo huɗu, jimla shida. Ke nan duk yadda hannunsa yake, toshewa a kan ɗaya nasara ce ga mai ƙirga.

Akwai abin da zai iya sa shi jinkiri. Abokin karawa da kansa ya buɗe bakin ɗaya ɗazu da 6-1, kuma an saba ɗan wasa yana buɗe lambar da yake da ita. Amma yanzu an san cewa a lokacin bai da biyar, dole ce ta sa shi sa wata mai shida, ƙila ma zaɓinsa bai wuce ɗaya ko biyu ba. Shaida irin wannan ba ta kai nauyin ƙirga ba. Mai ƙirga ya sa 3-1, abokin karawa ya ƙwanƙwasa, layi ya toshe. Da aka buɗe hannu, 3-3, 6-0 da 4-0 ne, ɗigo 16. Da an bar masa bakin babu, da ya sauke 6-0 ya rage bashinsa zuwa goma. A wasu wurare wanda ya ci yana ɗaukar 16 ɗin duka, a wasu kuma ana cire ukun da ke hannunsa a ba shi 13, shi ya sa ake daidaita wannan tun kafin a gauraya.

Hannun da aka buɗe ya kuma fassara abin da ya wuce. Sau biyu abokin karawa yana fito da uku, da 4-3 sannan da 2-3, yana nema wa tagwayensa 3-3 hanya, sau biyu kuma ana rufe masa. Mutumin da ke ta komawa ga lamba ɗaya, tagwayenta kuma ba su fito ba, akwai kyakkyawan zaton suna hannunsa.

Shaida mai ƙarfi da shaida mai rauni

Ya kamata a bambanta waɗannan biyun a ka, kada su cakuɗe. Ƙwanƙwasa hujja ce. Zaɓin ƙwaya kuwa alama ce kawai, ƙarfinta ya danganta da yawan zaɓin da mutum yake da shi da kuma irin ƙwarewarsa. Ƙwayar da aka buɗe wasa da ita, idan doka ta bar mutum ya zaɓa, tana yawan nuna danginsa mai ƙarfi. Idan kuwa doka ce ta tilasta buɗewa da tagwaye mafi girma, ba ta nuna komai game da ƙarfinsa, sai dai ta nuna cewa tagwayen da suka fi su girma ba sa hannun kowa. Wanda aka buɗe wa lamba ya ƙi sa tagwayenta, mai yiwuwa ba ya da su, domin tagwaye baki ɗaya suke shiga, kusan kowa yana son rabuwa da su da wuri. Wanda yake ta rufe wata lamba da zarar ta fito, ko dai yana tsoronta ne, ko kuma ita kaɗai ke karɓar abin da ke hannunsa. Gwani yana iya yaudara da irin waɗannan, sabon hannu kuma yana iya sa ƙwaya ba tare da wani dalili ba, don haka karanta nufin mutum ya fi tasiri a kan matsakaicin ɗan wasa.

Ita ma ƙwanƙwasa tana da sharaɗi, wato gaskiya. Wani yakan ƙwanƙwasa bisa kuskure, ƙwayar na hannunsa bai gani ba. Hanyar gane wannan ita ce ƙirgar kanta: ranar da wanda aka wuce a kan huɗu ya fito da mai huɗu, mai ƙirga ne kaɗai zai iya tsayar da wasa ya nuna inda aka kauce. Kuma abin da mutum ke karantawa a jikin wani, shi ma ana karantawa a jikinsa. Shi ya sa hannun da ke da lambobi daban-daban yake da daraja, kuma ake gudun zubar da ƙwaya ta ƙarshe ta wani dangi tun da wuri idan akwai wata hanya.

Idan mutum huɗu ne

A yadda ake bugawa a Jamaika, Puwato Riko da Jamhuriyar Dominika, mutum huɗu ne, abokan haɗi suna fuskantar juna, duka 28 a hannu. A Kuba an fi amfani da manyan kaya masu ƙwaya 55 da suka kai tara da tara, kowa ya ɗauki goma, 15 su rage a gefe, don haka lissafinsu ya fi kama da na mutum biyu wajen rashin tabbas. A wasan 28 na mutum huɗu kuwa babu tarin gefe. Duk ƙwayar da ba a gani ba tana hannun wani, tambayar ita ce hannun wa.

Misali daga ƙarshen zagaye zai nuna yadda abin yake warwarewa. Ƙwaya 20 suna tebur, kowa ya rage da biyu. Bakuna uku ne da biyu, mai ƙirga ne zai sa, yana riƙe da 3-1 da 2-2. Ya bi dangi-dangi ya gano shidan da ba su fito ba: 1-1, 1-4, 4-6, 0-6, 0-2 da 5-5. Abokin hamayyar da ke bin sa an taɓa wuce shi a kan huɗu da shida, don haka biyunsa suna cikin 1-1, 0-2 da 5-5. Abokin haɗinsa kuma an taɓa wuce shi a kan ɗaya da babu, wanda ya bar masa 4-6 da 5-5 kaɗai, dole su ne a hannunsa. Tunda 5-5 ta samu mai ita, na gaba yana riƙe da 1-1 da 0-2, sauran biyun, 1-4 da 0-6, suna hannun ɗaya abokin hamayyar. Ƙwanƙwasa biyu sun buɗe hannu uku.

Sai zaɓi. A dangin uku, shida suna tebur, ta bakwai ita ce 3-1 da ke hannun mai ƙirga. Bakin uku ya zama ƙofar da shi kaɗai ke da makullinta, ba mai iya rufe ta. Idan ya sa 2-2 yanzu, kowa ya yi abin da zai yi, zagaye na dawowa ya sa 3-1 ya fita, kuma ba wanda zai riga shi tunda kowannensu yana bukatar sawa biyu. Idan kuwa ya fara da 3-1, na gaba zai rufe bakin biyu da 0-2, wadda ita ce ta ƙarshe a dangin in ban da tagwayen, sai 2-2 ta maƙale a hannunsa har abada. Ɗaya abokin hamayyar ya sa 0-6, a wuce mai ƙirga, na gaba ya sa 1-1 ya fita. Hannu ɗaya ne, jerin sawa kawai ya raba ci da faɗuwa.

Kashe tagwaye irin wannan yana da ƙa’ida mai sauƙi. Kowane dangi yana da shida waɗanda ba tagwaye ba. A cikin layi, lamba tana haɗuwa da ’yar’uwarta bibbiyu, saboda haka idan biyar daga cikin shidan suna tebur, dole baki ɗaya yana nuna wannan lambar. Mai riƙe da ta shida yana da iko a kan tagwayen: idan ya rufe bakin da ita, tagwayen sun mutu a hannun mai su, idan ya sa ta ta ɗaya fuskar har bakunan biyu suka zama lambar, tagwayen za su shiga, daga nan layi ya toshe. Kafin ya zaɓa sai ya san hannun wa suke. Kashe 6-6 a hannun abokin hamayya ɗigo 12 ne a wuyansa, kashe ta a hannun abokin haɗi kuwa mutum ya ɗora wa ɓangarensa kaya ne.

Wannan haɗuwa ta bibbiyu tana kuma taimaka wa mai ƙirga ya duba kansa. Idan baki ɗaya yana nuna huɗu, ɗayan kuma wata lamba ce daban, ba zai yiwu a ce duka bakwai na dangin huɗu suna tebur ba. Wanda ƙirgarsa ta ba shi bakwai a irin wannan hali ya yi kuskure, galibi ya ƙirga tagwaye sau biyu, sai ya sake bin layin da ido.

Lissafi kafin a toshe

Toshe layi da gangan shi ne babban hukunci a wasan, kuma a nan ne lambar 168 take amfani. Mai riƙe da ƙwayar da za ta toshe yana tara ɗigon tebur, har da ƙwayar da zai sa, ya cire daga 168. Abin da ya rage shi ne ke hannun mutane. A ce tebur ya kai 120, saura 48, rabinsa 24. Idan mai ƙirga zai rage da ɗigo bakwai, ɓangarensa zai ci matuƙar abokin haɗinsa bai kai 17 ba. Sai ya duba yawan ƙwayoyi: abokin haɗi yana da biyu, abokan hamayya uku-uku. Ɗigo 41 a kan ƙwaya takwas kusan biyar-biyar ke nan, don haka ana sa ran abokin haɗi yana da wajen goma, toshewa ta yi kyau. Amma wannan ƙiyasi ne na farko. Idan cikin takwas ɗin akwai 5-5 da 5-4, kuma abokan hamayya duka an taɓa wuce su a kan biyar, to nauyin nan 19 yana hannun abokin haɗi, toshewa faɗuwa ce. Sunayen ƙwayoyin da tarihin ƙwanƙwasa su ke yanke hukunci a kan matsakaicin lissafi.

Dokar wuri ma tana canza amsar. Wasu suna tara hannun abokan haɗi su gwada da na ɗaya ɓangaren. Wasu kuma mutum ɗaya mafi ƙarancin ɗigo suke dubawa, ɓangarensa ya ci ko da abokinsa yana ɗauke da kaya. A ƙarƙashin doka ta biyu, mai ɗigo bakwai ba nauyin abokinsa zai tambaya ba, zai tambaya ne ko akwai abokin hamayyar da ke ƙasa da bakwai.

A wasan mutum biyu cirewa daga 168 ba ta da amfani sosai, domin mafi yawan ragowar tana gefe. Abin da ake yi shi ne wanda aka gani a misalin farko: a jera ƙwayoyin da ka iya zama a hannunsa, a ɗauki mafi sauƙinsu, a ga ko za su yi ƙasa da na hannun mai toshewa.

Ƙirga tana da iyaka, kuma iyakar tana farkon zagaye. A sawa biyu ko uku na farko ba a ga abin da ya isa ba, abin da ake bi shi ne ƙarfin hannu: a fito da dangi mai yawa, a rabu da manyan tagwaye, a bar wa kai hanya a lambobi daban-daban. Amfaninta yana ƙaruwa ne yayin da tebur ke cika. Akwai kuma hannun da ba ya ciwuwa ko an san kowace ƙwayar abokin karawa, kamar wanda ya tashi da tagwaye huɗu. A irin wannan, aikin ƙirga shi ne rage yawan ɗigon da za a biya. Mai koyo ba ya bukatar bin dangi bakwai a lokaci ɗaya. Ya isa ya fara da biyu, danginsa mai ƙarfi da kuma lambar da aka fara wuce wani a kanta, sannan ya riƙa duba yawan ƙwayoyin da suka rage a gaban kowa. Idan hannuwa suka sauko zuwa uku-uku ko biyu-biyu, ɓoyayyun ba su wuce tara ba a wasan mutum huɗu, a lokacin ne yake bin layin daga dangin babu zuwa na shida ya fitar da sunansu ɗaya bayan ɗaya, ya raba su ga masu su bisa inda aka wuce kowa.